Hoto daban, kaya daban: me za ka rubuta wa mai kayan?

"Malam, na yi odar fawabanki guda 40 ta intanet don in sayar. A hoto mai 20,000mAh na gani, amma mai 10,000mAh aka kawo mini. Na tura wa mai kayan saƙo na wanke shi tas, ya yi shiru. Me zan rubuta masa ya dawo mini da kuɗina?"

Ɗan'uwa, ka tura fushi inda ake neman hujja. Wasiƙar nan ba mai kayan kaɗai zai karanta ta ba. In rigima ta yi nisa, ma'aikacin kasuwar da ka yi odar a cikinta ne zai raba gardama, shi kuwa bai san ka ba, bai ga kayan ba. Abin da ka ajiye a gabansa kawai zai duba.

Kafin ka rubuta komai, ɗauki hoton shafin tallar yau ɗin nan. Na san wani ɗan kasuwa da aka kawo wa injinan markaɗe ƙanana maimakon manya. Mai kayan ya dinga lallashinsa da "a yi haƙuri, muna dubawa" har sati uku, a tsakanin nan ya sauya hotunan tallar. Da bawan Allahn nan ya tashi kai ƙara, ba shi da abin nunawa. Har yau abin yana ba ni takaici, don gaskiya tasa ce.

Sannan ka juya kayan ka duba lambar samfurin da ke jikinsu da jikin kwalin, ka gwada ta da wadda ke rasit ɗinka. Nan ne ƙarfinka yake. Amma ka sake karanta bayanin da ke ƙarƙashin hoton da kyau: in an rubuta 10,000mAh a can, ko kai ka zaɓe shi ba ka lura ba, hujjarka ta yi rauni, sai dai ka nemi ragi.

Wasiƙar kada ta wuce layi biyar ko shida, kamar haka: "Oda mai lamba kaza, ranar kaza. Tallarku ta nuna 20,000mAh, abin da ya iso 10,000mAh ne, guda 40, ga hotuna. Ina neman a mayar mini da kuɗina duka, kuɗin mayar da kaya a kanku. In ban ji amsa cikin kwana 3 ba, zan shigar da ƙara." Buƙata ɗaya za ka faɗa, kada ka ce "ko dai a canza, ko a rage".

Ka tura ta cikin manhajar kasuwar, ba ta WhatsApp ba, don ta zama shaida. Ka duba wa'adin ƙorafi, domin kowace kasuwa da nata. A eBay kwana 30 ne daga isowar kaya. Kuma kada ka sayar da ko guda ɗaya kafin a gama, don wanda ya mayar da 37 maimakon 40 ya ba mai kayan abin kamawa.