Re: me ke raba kayan cikin sel a santirifij?

"Don Allah me ya sa mitokondiriya ke sauka ƙasan tub, ribosom kuma ya tsaya sama? Ga jarabawa ta matso."

To ƙanena, saurin saukar abu ya danganta da girmansa da kuma yadda ya fi ruwan sukuros ɗin nauyi, amma girman ne mai ƙarfi, in faɗin abu ya ninka biyu saurinsa ya ninka huɗu. Shi ya sa ake hawa mataki mataki. Ka niƙa hanta cikin sukuros mai sanyi, ka juya a 1000 g, wato ƙarfin da ya ninka jan ƙasa sau 1000, minti 10, nukiliyos da sel ɗin da ba su fashe ba su kwanta. Ruwan saman ka kwashe a hankali kar ka taɓa gindin, ka maida a 20000 g minti 20, nan mitokondiriya zai sauka amma tare da lizozom da feroksizom tunda girmansu ya yi kusa, wallahi duk mai cewa tsantsa ne bai auna enzim ba, a gwada katalaz za a ga feroksizom a ciki. A 80000 g awa guda maikurozom ke sauka, wato gutsattsarin retikulum. Ribosom ƙanƙane ne, sai wajen 150000 g awa 3, abin da ya rage sama saitosol ne.