Kafin ka sayi sabuwar kwamfuta, duba tiredin da ka zana

Tambaya: "Malam, ina zana injin niƙa a manhajar SolidWorks. Tun da na sa noti arba'in masu tiredi, da giya biyu da sifirin, kwamfutar ta koma tafiyar hawainiya. RAM ɗinta 8 GB ne. In sayi sabuwa?"

Amsa: Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna. Na fi zargin tiredin nan.

Ɗauki noti M10 na gama-gari. Tazarar tiredinsa milimita 1.5 ce, don haka in tsawon tiredin ya kai milimita 60, zagaye 40 ke nan. Guda arba'in kuwa zagaye 1,600. Kowane zagaye fuska ce mai murɗiya, kuma sai manhajar ta farfasa ta zuwa ƙananan alwatika kafin ta nuna maka a allo. Nan nauyin yake, kuma ya fi tsanani idan ka zo fitar da zanen takarda, inda za a lissafa wane layi ke ɓoye bayan wane.

Kada ka tsaya kan zargina, ka auna. A shafin Evaluate akwai Performance Evaluation. Cikin sashe ɗaya zai jero maka daƙiƙun da kowane matakin zane ke ci. Cikin haɗaɗɗen injin kuma zai nuna sassan da suka fi yawan alwatika. Idan ka ga Sweep ko Thread, matakan da ke zana tiredin, a saman jeri, ka kama ɓarawon.

Maganin shi ne ka bar jikin notin sumul, ka sa masa Cosmetic Thread, wato alamar tiredi kawai ba zagayen gaske ba, ramukan kuma ka huda su da Hole Wizard. Wanda zai yanka ƙarfen ba ya auna zagayen da ka zana. Rubutun M10×1.5 yake karantawa, ya huda ramin milimita 8.5, ya yanka tiredinsa. Tiredi na gaske sai idan kana so firintar 3D ta buga sassan har da tiredinsu, nan kam dole.

Giya ma kusan haka take. Mai haƙora 30 da module 2, wato ma'aunin girman haƙori, faɗinta inda haƙora ke haɗuwa milimita 60 ne, har bakin haƙora 64. Zana faifai na 64, ka sa da'irar 60 don daidaita tazarar sanduna, ka haɗa giyoyin da Gear Mate su juya bisa rabonsu. Mai cikakkun haƙoran ka ajiye ta a wata Configuration, wato wata sigar sashen ta daban, ranar yanka ka buɗe. Sifirin kuwa, bututu mai faɗinsa da tsawonsa bayan an matse ya isa ka ga ko zai taɓa wani abu.

In ka yi duk wannan tana ci gaba da jan ƙafa, fara da ƙara RAM zuwa 16 GB idan kwamfutar na karɓa. Sabuwa kuma, in ta zama dole, ka nemi furosesa mai saurin core ɗaya, domin sake gina matakai yawanci bi da bi ake yin sa, yawan core bai cika taimakawa ba.