Du pain, un pain ko le pain: wanne za ka faɗa wa mai kanti?

Tambaya: Malam, ina koyon Faransanci saboda ina yawan shiga Maraɗi saro kaya. A kanti sai in ji wani ya ce du pain, wani ya ce un pain, wani kuma le pain, alhali burodin ɗaya ne. Yaya zan gane wanda ya dace?

Amsa: Kafin ka buɗe baki, duba abin da za ka saya: ƙirga shi ake yi, ko ɗiba ake yi a auna? Yawancin amsar tana nan.

Abin da ake ɗiba, irin su shinkafa, sukari, gari, nama da mai, idan ba ka faɗi yawansa ba, yana ɗaukar du, de la ko de l'. Sunan da Faransanci ya ɗauka namiji yana tafiya da du, shi ya sa ake cewa du riz, du sucre, du lait. Na mace kuma de la, kamar de la viande da de la farine. Idan sunan ya fara da wasali, ko da h da ba a furtawa, sai ya koma de l', wato de l'eau, de l'huile. Kada jinsin Hausa ya ruɗe ka: shinkafa mace ce a wurinmu amma riz namiji ne, nama kuma namiji ne amma viande mace ce. Ka haddace kowane suna tare da jinsinsa.

Abin da ake ƙirgawa kuwa, guda ɗaya un ne ko une, in ya wuce ɗaya ba ka faɗi adadi ba sai des: un œuf, des œufs, une tomate, des tomates.

Burodi yana shiga gida biyu, shi ya sa ya rikita ka. Un pain cikakken burodi ne guda, wanda mai kanti zai ɗauko ya miƙo maka. Du pain kuwa burodi ne kawai, ko guntu ko da yawa, ba a ƙayyade ba. Haka un poulet kaza ce sukutum, du poulet naman kaza ne. Wanda ya ce wa mai gashi un poulet alhali 'yar cinya yake so, to ya shirya biyan kuɗin kaza guda. A wurin mai shayi ma, un thé kofi ɗaya ne da za a haɗa maka, amma je voudrais du thé a kanti ganyen shayi kake nema.

Shi le, da la da les, aikinsu ya yi kama da -n da -r na ƙarshen suna a Hausa. "Ba ni shinkafa" daban yake da "ba ni shinkafar". Idan ka ce donnez-moi le riz, mai kanti zai ɗauka akwai wata shinkafa da kuka riga kuka yi maganarta, sai ya tambaye ka wacce. Amma in farashi kake tambaya, le ne daidai: c'est combien, le riz? Haka bayan aimer, préférer da détester, domin nau'in abin gaba ɗaya ake nufi: j'aime le lait, amma j'achète du lait.

Inda masu koyo suka fi tuntuɓe shi ne lokacin da aka ambaci ma'auni. Da zarar ka faɗi kilo, lita, kwalba ko fakiti, du da de la da des duk su faɗi, a bar de tsurarta. A ce kana son shinkafa kilo 2, mai lita 1, ƙwai dozin 1 da burodi guda. Sai ka ce: Je voudrais deux kilos de riz, un litre d'huile, une douzaine d'œufs et un pain. Ka lura de ta zama d' a gaban huile da œufs. Wake ya fita daban, don h ɗinsa ba ya yarda a haɗe shi da kalmar baya: un kilo de haricots. Un peu de da beaucoup de ma wannan ƙa'ida suke bi, saboda haka beaucoup du sucre kuskure ne, ko da ka ji ana faɗa a kasuwa.

Korewa ma tana mayar da un, du da des zuwa de. Ka tambaya vous avez du lait? In ya ƙare, amsar ita ce je n'ai pas de lait. Le ba ya canjawa, je n'aime pas le lait ake cewa. Bayan être ma ba a taɓa komai, don haka idan aka miƙo maka gishiri a maimakon sukari, ce n'est pas du sucre za ka ce.