Dashbod biyu, jimillar ciniki biyu: wanne ne ya yi ƙarya?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni ke haɗa rahoton ciniki na wata-wata a wurin aikinmu. Na watan Maris, dashbod ɗin sashen kasuwanci ya nuna 4,812,600, na sashen kuɗi kuma 4,809,150, alhali oda 6,200 ne kuma rumbun bayanai ɗaya suke ɗiba. Wani abokin aiki ya ce raundin ne kawai, in ƙara layin "gyara" in wuce. Oga yana jiran rahoton ranar Litinin, hankalina bai kwanta ba. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, irin wannan aikin yini guda ne in an bi shi ta hanyarsa. Amma tun kafin mu je ko'ina, kada ka saka layin nan na "gyara".

Maganar raundin ɗin nan kusan kullum sai na ji ta, kuma mai faɗin ta ba ya ɗaukar kalkuleta ya gwada. To mu gwada. Idan ana yi wa kuɗin kowace oda raundin zuwa lamba biyu bayan ɗigo, mafi yawan abin da oda ɗaya za ta karkace shi ne 0.005. Ninka shi sau 6,200, ka sami 31. Ko da ma ana cike kowace oda zuwa cikakkiyar lamba ne, iyakar karkacewar 0.5 ce, wato 3,100 gaba ɗaya, kuma ba za a kai nan ba sai in duk odojin sun karkata gefe guda kuma kowacce ta kai ƙarshen iyaka, abin da ba ya faruwa, domin wasu sama suke yi wasu ƙasa, suna kashe juna. Kai kuwa giɓinka 3,450 ne. Raundin ba shi da ƙarfin haifar da shi, ko ta wace fuska aka duba.

Abin da ya fi damuna ma ba kuskuren lissafin ba ne, tunanin da ke bayansa ne: wai ƙaramin giɓi yana nufin ƙaramar matsala. Giɓin da ka gani saura ne. Shi ne abin da ya rage bayan kurakuran da ke ƙara kuɗi sun ci karo da kurakuran da ke rage kuɗi. Kana iya samun dubu ashirin ta nan, ka rasa dubu goma sha tara ta can, allo ya nuna maka dubu ɗaya, kowa ya ce ai ba komai. Wata mai zuwa kurakuran ba za su yi daidai da juna haka ba, giɓin ya tashi ya ninka sau goma, sai a kira taron gaggawa ana neman wanda ya taɓa dashbod, alhali ba wanda ya taɓa komai. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Layin "gyara" kuwa ba abin da yake yi illa ya binne shaidar. Na sha tarar da rahotanni masu irin wannan layi wata bayan wata, yau ƙari gobe ragi, an tambayi wanda ya fara saka shi an ce ya bar aiki. Mai binciken asusu idan ya zo, wannan layin zai fara ɗora wa yatsa, kuma sunan wanda ya sa hannu a rahoton zai kira, abokin aikinka mai shawara yana can yana shan iska.

Bari in nuna maka yadda 3,450 ɗin nan za ta iya haɗuwa. Misali ne na ƙaddara da alkalumanka, naka zai fito da nasa fasalin, amma abubuwa ukun nan su ne na fi cin karo da su. Mu kira na kasuwanci A, na kuɗi B.

Na farko lokaci. Mu ce A yana yanke wata da agogon kamfani, wanda ke gaban UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya, da awa 3, B kuma yana yankewa da UTC kamar yadda aka adana a rumbu. Odar da ta shigo ƙarfe 1 na dare ranar 1 ga Maris a agogon kamfani, a UTC ƙarfe 10 na daren ranar ƙarshe ta Fabrairu ce. A ya ƙirga ta a Maris, B ya bar ta a Fabrairu. Mu ce irin waɗannan sun kai 21,300. A ƙarshen wata abin ya juye: odojin awa ukun farko na 1 ga Afrilu, B yana ganinsu a 31 ga Maris, A kuwa ya tura su Afrilu. Mu ce su kuma 18,900 ne. Kuɗi 40,200 ke nan suka sauya wata, amma abin da ya bayyana a jimilla 2,400 kacal, A a sama.

Na biyu kayan da aka dawo da su. Sashen kuɗi yana cire abin da aka mayar wa masu saye, sashen kasuwanci yana ƙirga abin da aka sayar ne kurum. Mu ce an mayar da 14,250 a watan. A ya ƙara yin sama da wannan adadi. Nan ba wanda ya yi kuskure, kowa da abin da yake kira ciniki.

Na uku kuwa kuskure ne tsantsa. B ya haɗa teburin oda da teburin biyan kuɗi don ya san wadda aka biya. Odar da aka biya sau biyu, rabi yau rabi jibi, tana da layi biyu a teburin biya, sai haɗin ya maimaita layin odar, `SUM` ya tara cikakken kuɗinta sau biyu. Mu ce wannan ya kumbura B da 13,200.

Yanzu tara: 2,400 da 14,250 sun ba da 16,650, cire 13,200, saura 3,450. Giɓin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na cinikin ba, a ƙarƙashinsa akwai 67,650 da ba a yi ittifaƙi a kansu ba, kusan ninki ashirin. Ka kuma lura, B da ya fi ƙanƙanta, wanda mutane za su ce ai shi ne mai taka-tsantsan, shi ne ke ɗauke da kuskuren gaske.

To ta yaya za ka gano naka? Daina kallon jimilla, ba za ta ƙara gaya maka komai ba. Fara da abu mai arha: duba lokacin da aka sabunta kowane dashbod na ƙarshe, ka kuma tabbatar filtocinsu iri ɗaya ne, musamman matsayin oda, wato ko ana ƙirga wadda aka soke da wadda ba a biya ba, da kuma ko kuɗin ya haɗa da haraji da kuɗin kai kaya. Minti goma ya isa. Daga nan ka fitar da jimillar kowace rana daga ɓangarorin biyu, ka jera su kafaɗa da kafaɗa, domin fasalin giɓin yana tona asirin sanadinsa. In kwanakin farko duk sun yi daidai sai na ƙarshe ne suka bambanta, ɗaya ne ya makara wajen sabuntawa. In kusan kowace rana ta ɗan karkace, yau sama gobe ƙasa, ka zargi agogo, tunda kowace rana tana ara daga maƙwabciyarta. In ranar 31 ce kaɗai ta zube kusan babu komai, nemi `BETWEEN '2025-03-01' AND '2025-03-31'` a kan gurbin da ke ɗauke da kwanan wata haɗe da lokaci: iyakarsa ƙarfe 12 na daren da ranar 31 ta fara, duk cinikin yinin ya faɗi waje. Maganinsa `>= '2025-03-01'` tare da `< '2025-04-01'`.

Maimaituwar layi kuma gwajinta layi ɗaya ne. Gudanar da shi a kan layukan da kowane dashbod yake tarawa:

```sql
SELECT COUNT(*), COUNT(DISTINCT order_id) FROM b_rows;
```

In teburin ya kamata ya zama layi ɗaya ga kowace oda, amma lambobin biyu suka bambanta, ka kama ɓarawon. Sai dai a nan ma akwai wani maganin 'yan koyo da zan roƙe ka ka guje masa: `SUM(DISTINCT amount)`. Ana yawan ba da shi a matsayin dabara, kuma guba ce. Ba oda yake tacewa ba, adadin kuɗi yake tacewa. Mutum hamsin daban-daban suka sayi kaya na 500 kowanne, zai ƙirga 500 sau ɗaya tak. Gyaran gaskiya shi ne a tara teburin biya ya koma layi ɗaya ga kowace oda tukuna, sannan a haɗa.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda ke rufe magana. Ka tara kowane ɓangare ya zama layi ɗaya ga kowace oda, sannan ka gwama su:

```sql
SELECT COALESCE(a.order_id, b.order_id) AS order_id,
       a.total AS a_total, b.total AS b_total
FROM a FULL OUTER JOIN b ON a.order_id = b.order_id
WHERE a.total IS DISTINCT FROM b.total;
```

Wannan zai yi aiki a PostgreSQL yadda yake. MySQL ba shi da `FULL OUTER JOIN`, sai ka yi `LEFT JOIN` ta ɓangarorin biyu ka haɗe su da `UNION`, kuma tunda ba shi da `IS DISTINCT FROM`, ka rubuta `WHERE NOT (a.total <=> b.total)` a madadinsa. In ma ba ka da izinin shiga rumbun, sauke layukan daga kowane dashbod ka gwama su a Excel da lambar oda, oda 6,200 ba wani nauyi ba ne.

Abin da zai fito jeri ne gajere, kuma karanta shi ba wuya. Odar da ke A babu ita a B, lokacinta tsakanin 12 da 3 na daren 1 ga wata, ta agogo ce. Wadda kuɗinta a B ya ninka na A daidai wa daida, maimaituwa ce. Wadda B ya yi ƙasa da A, ko ya zama sifili, an mayar da kuɗi ne. Za ka iya ganin wata a B kaɗai da adadi mai alamar ragi: odar Fabrairu ce da aka dawo da kayanta a Maris, kuma ita ce ke tayar da tambayar da sai shugabanni sun yanke, ko a cire kuɗin a watan da aka sayar ko a watan da aka mayar. Sa wa kowane layi sunan sanadinsa, ka tara kowane rukuni. Ba ka gama ba sai rukunan sun ba da 3,450 cif. In saura 40 ya rage, akwai layin da ba ka gani ba tukuna, ko biyu masu kashe juna.

Ranar Litinin, idan ka kammala, ka kai wa oga lamba ɗaya tare da ɗan tebur mai farawa daga jimillar A, ya bi rukunan ɗaya bayan ɗaya, ya sauka a kan jimillar B. Maimaituwar layi a miƙa wa mai kula da dashbod ya gyara, a kuma sake duba watannin baya, don da wuya a ce a Maris ta fara. Agogo da mayar da kuɗi kuwa ba kai za ka yanke ba, oga da akanta ne za su zaɓi ma'ana ɗaya, a rubuta ta a ƙarƙashin sunan kowane dashbod. Idan kuma lokaci ya ƙure ba ka gama ba, ka ba da lambobin biyu yadda suke, ka rubuta giɓin 3,450, rukunan da ka riga ka gano da adadinsu, da ranar da za ka kawo sauran.