Shafi ya ƙi buɗewa a wurina, amma mai dubawa ya ce yana aiki

Tambaya: "Salamu alaikum 'yan uwa. Tun jiya wani shafi ya ƙi buɗewa a kwamfutata. Na sa adireshinsa a downforeveryoneorjustme.com, ya ce min ni kaɗai ne. To yanzu ina zan dosa?"

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Na sha fama da wannan, domin na yi shekaru ina kula da shafukan mutane.

Da farko ka san abin da mai dubawar ya yi. Wata kwamfuta ce tasa, a wani wuri can daban, ta aika buƙata zuwa adireshin da ka rubuta, ta jira amsa. In amsa ta dawo, sai ya ce shafin yana aiki. Iyakar saninsa ke nan. Bai bi ta layinka ba, bai shiga da sunanka ba, kuma yawanci fuskar farko ta shafin kawai ya taɓa. Ana iya samun fuskar farko lafiya lau, wurin shiga ko wurin biyan kuɗi kuwa a mace. Haka kuma yana iya cewa shafi ya faɗi alhali garau yake, saboda wasu shafukan suna korar duk buƙatar da ba ta yi kama da ta mutum ba.

Shi ya sa ba na tsayawa a kan guda ɗaya. Nakan ƙara da check-host.net, wanda ke gwadawa daga ƙasashe da yawa a lokaci guda, don nan ne za ka gane ko matsalar ta wani yanki ce kawai. Downdetector kuma aikinsa daban ne, ƙorafin jama'a yake tattarawa. Yana da amfani ga manyan shafuka, kamar ranar 4 ga Oktoba, 2021, da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke na kusan awa 6. Amma ƙaramin shafi ba za ka ma same shi a can ba.

Bari in ba ka labarin wanda ya fi ba ni wahala. Na taɓa ɗauke wani shafi daga tsohuwar saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, zuwa sabuwa. Washegari na buɗe a kwamfuta, ya yi ta juyi har ya nuna ERR_CONNECTION_TIMED_OUT. Mai dubawa ya ce yana aiki. Na kashe wayifai a wayata, na kunna data, sai ga shafin ya buɗe nan take. Wannan gwajin na daƙiƙa goma ya fi min duk sauran amfani, domin ya nuna sabar tana lafiya, matsalar tana kan hanyar da wayifai ɗina ke bi.

Sai na koma kwamfuta na buɗe Command Prompt, wato wurin rubuta umarni, na rubuta waɗannan:

```
nslookup example.com
nslookup example.com 8.8.8.8
```

(Ka sa sunan shafinka a madadin example.com.) Layin farko yana tambayar DNS ɗin da kwamfutarka ke amfani da shi, yawanci na kamfanin da ke ba ka intanet, na biyu yana tambayar na Google. DNS shi ne ke juya sunan shafi ya zama lambar IP da kwamfuta ke nema. Lambobi biyu daban suka fito min: na farko ya ba da ta tsohuwar sabar da na riga na kashe, na biyu ya ba da sabuwa. Laifin nawa ne, na bar TTL, wa'adin riƙe lambar, a daƙiƙa 86400, wato an halatta a riƙe tsohuwar lambar har awa 24. Na gwada `ipconfig /flushdns` don goge lambobin da kwamfutata ta riƙe, bai yi komai ba, domin ba kwamfutata ce ke riƙe da tsohuwar lambar ba, kamfanin ne. Da na mayar da DNS ɗina zuwa 1.1.1.1, wato na kamfanin Cloudflare, shafin ya buɗe.

Sai dai a kula, manyan shafuka sukan ba da lambobi daban-daban dama, don haka bambancin kaɗai ba hujja ba ne sai an haɗa shi da gwajin data.

Saƙon da burauzarka ta nuna ma yana magana, kada ka rufe shi da sauri. In ka ga 500 ko 502 ko 503, ka isa har ƙofar shafin, ɓarnar daga ɓangarensu take, ko da mai dubawa ya ce lafiya, kuma goge-goge a kwamfutarka ba zai gyara ba. In 403 ne, an ji ka amma an hana ka shiga, wani lokaci saboda an toshe lambar IP ɗinka bayan kuskuren kalmar sirri sau da yawa. DNS_PROBE_FINISHED_NXDOMAIN kuwa yana nufin ba a samu sunan ba: ko ka yi kuskuren rubutu, ko DNS ɗinka ne, ko rajistar sunan ta ƙare.

In ya buɗe a wayarka a kan wayifai ɗin da kwamfutar ke kai, to kwamfutar ce. Gwada wata burauza, ka kashe VPN in kana da shi, ka duba agogonta ko ya yi daidai.

Yi gwajin datar, sannan ka turo mana ainihin saƙon da ya fito maka, harafi da harafi, mu ga inda za a taɓa.