Firizana ta daina sanyi, garanti zai biya?

"Na sayi firiza a shagonku na Kasuwar Bacci wata bakwai da suka wuce, yanzu ta daina sanyi. Garanti zai biya?"

Sannu Hajiya, Allah ya kiyaye gaba. Garantinmu na shekara ɗaya ne, kina ciki. Idan kwamfiresa ta mutu da kanta, ko gas ya tsiyaye, gyaran a kanmu yake. Amma in wutar NEPA ce ta ƙona ta, wannan ba ya ciki, kuma mai gyara yana ganewa, don wayoyin kan yi baƙi, su yi ƙauri.

Cire ta daga wuta yanzu. Ki turo hoton rasit da lambar da ke bayanta, za mu aiko mai dubawa har gida. Don Allah kar ki bari wani ya buɗe ta kafin nan, hakan yana soke garantin.