Aman da ke biyo bayan ɗibar taba da raɓa

Tambaya: Baba, shekaranjiya ni da ƙanena mun ɗebi ganyen taba tun asuba har hantsi, raɓa ta jiƙa mu sharkaf. Bayan la'asar sai jiri da amai suka kama mu, shi har ya kasa tashi. Wasu sun ce rana ce, wasu sun ce feshi ne, alhali rabonmu da feshi sati uku. Mene ne wannan? Ga shi kuma ina da niyyar ninka filin taba baɗi.

Amsa: Sannunku, ɗana, Allah ya ƙara sauƙi. Alamun da ka faɗa sun fi kama da ciwon ɗanyen ganyen taba, kuma ganyen ne da kansa yake kawo shi. Nikotin, wato gubar da ke kama mashayin sigari, tana narkewa a ruwa kamar gishiri. Idan raɓa ta kwana a kan ganye, sai ta jiƙo wannan guba ta fito da ita waje. Kai kuma ka shiga tsakanin kunya, ganye yana shafar ƙirjinka da cinyarka, ka tsinka ka maƙale a hammata kamar yadda kowa yake yi, rigarka ta tsotse ruwan ta manne da jiki. Daga nan fata take sha, ta kai cikin jini, ba tare da ka kai komai baki ba. Hammata ta fi ko'ina sha, domin fatarta laushi gare ta ga ɗumi ga gumi, haka nan duk inda ake da tsaga ko kaushi ko ƙaiƙayi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai aiki a gonar taba zai iya shan nikotin ta wannan hanya a yini guda daidai da ta karan sigari 50.

Abin da ke rikita mutane shi ne ciwon ba lalle ya kama ka a gona ba. Yakan ɗauki awa 3 har zuwa 17 kafin ya bayyana, shi ya sa wanda ya yi ɗiba da safe sai yamma ko dare yake fara jin tashin zuciya, ciwon kai, jiri, murɗar ciki, gumi mai sanyi, jiki ya mutu, wani lokaci zuciya ta riƙa bugu da sauri ko ta yi sanyi. A kwana ɗaya zuwa uku yakan wuce da kansa. Ƙanenka ya fi ka jigata ne domin jikinsa ƙarami ne, gubar da ta ba ka jiri shi ta isa ta kwantar da shi. Za ka kuma ga masu shan sigari ko tsotson garin taba ba su cika kwanciya ba, don jikinsu ya saba. Kada wani ya ba ka shawarar fara sha da sunan rigakafi, wannan gudun gara ne a faɗa wa zago.

Dole ka iya bambanta shi da gubar maganin feshi, domin ita tana kisa cikin awoyi. Ka ɗaga fatar idon mara lafiya a inuwa ka duba ɗan baƙin tsakiyar ido. Idan ya tsuke ya koma kamar kan allura, ga hawaye da yawu suna zuba, ga naman jiki yana rawa, ƙirji yana kurkur, kuma an yi feshi kwanan nan ko an taɓa jarkar magani, to kada a jira komai, a ɗauki mutum da jarkar a kai asibiti. Bugun rana kuma shi a gona yake kama mutum da tsakar zafi, jiki ya yi rau kamar garwashi, hankali ya fara gushewa. Naku ya zo bayan awoyi, a ranar raɓa, sati uku babu feshi, shi ya sa na fi karkata ga ganyen.

Idan ya sake faruwa, abu na farko a tuɓe rigar nan, domin muddin tana jiki ana ci gaba da shan gubar ko da an dawo gida. A yi wanka da sabulu da ruwan sanyi, ba mai zafi ba, a kwanta a inuwa. A haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan ko da ana amai. Idan ruwa ya ƙi zama a ciki, ko fitsari ya ɗauke, ko numfashi ya yi wuya, ko mutum ya fara sambatu, sai asibiti a yi masa ƙarin ruwa. Ku faɗa wa ma'aikacin lafiya baro-baro cewa jiƙaƙƙen ganyen taba aka ɗiba, in ba haka ba allurar zazzaɓin cizon sauro za a yi, domin a ƙarshen damina ita ce ke fara zuwa ran kowa.

Maganin abin na gaskiya yana wajen lokacin shiga gona. Na san dalilin sammako, ana gudun rana, kuma ganye ya fi daɗin karyawa da sanyin safiya. To amma a watan Satumba da Oktoba raɓa tana da nauyi, musamman a fadama. Ka jira sai ka shafa ganye da bayan hannu ka ji shi a bushe, ko ka mayar da ɗibar bayan la'asar. Idan an yi ruwa, a haƙura da ranar. Ka daina sa ganye a hammata, ka ja buhu ko kwando a tsakanin kunya. Riga mai dogon hannu tana taimako ne kawai idan a bushe take, saboda haka ka tafi da biyu, ɗaya ta jiƙe ka sauya. Safar hannu ta roba ake so, ta yadi tsotsewa take yi ta riƙe maka gubar a tafin hannu. Wasu suna huda leda babba su zura a ka, tana tare ruwa amma tana dafa mutum, kada ta wuce maka sanyin safiya. A noman rani ma, inda babu raɓa, gumin jikinka ya isa ya yi aikinta. Baƙin danƙon nan da ke manne wa yatsu lokacin karya kai da cire toho, a wanke shi da sabulu kafin a taɓa tuwo. Yara da mai juna biyu kuwa, ni ban yarda su taɓa ɗanyen ganye ba sam, ko a gona ko a tsakar gida wajen shirya shi a igiya, kuma kada a shanya taba a ɗakin da ake kwana.

Sai maganar ninka fili. Kafin ka yanke, zauna da takarda mu yi lissafin abin da ba a saba sa wa a lissafi ba. Mu ɗauka kana da tushe 2,000. Ɗanyen ganye kusan duk ruwa ne, kilo 10 da ƙyar yake ba ka kilo ɗaya da rabi busasshe. Idan shekara ta yi kyau kowane tushe ya ba da kamar giram 100, ka tashi da kilo 200. Yanzu ƙirga hannun da ya taɓa su. Reno sati shida zuwa takwas ana ban ruwa kullum, sai dashe, sai noma, sai karya kai, sai cire toho duk mako domin kana cirewa yana sake fitowa. Ɗiba ba sau ɗaya ba ce kamar yankan gero, daga ƙasa ake farawa, ganye biyu ko uku a kowane zagaye. In ka yi zagaye shida da mutum huɗu, yini 24 ke nan na aikin mutum, ban da shiryawa da ratayawa a rumfa da tsaron wata guda ko fiye. Ka ɗora wa kowane yini kuɗin da ɗan ƙodago yake karɓa a garinku, har da naka da na ƙanenka da na matan gida, ka haɗa da kwana biyun da kuka yi a kwance da kuɗin kemis. Ka cire wannan da kuɗin taki da magani daga abin da dillali ya ba ka bara. Gidaje da yawa da ke ganin taba ta fi kawo kuɗi, in suka yi wannan lissafi sai su tarar ladan ƙodagonsu ne kawai ya dawo musu a dunƙule.

Kuma taba ta bambanta da garin gero. Idan farashi ya faɗi, mai gero zai zuba a rumbu ya ci, ga kara ga dusa. Mai wake yana da harawar da zai sayar da bazara. Kai kuwa karan taba ko akuya ba a ba ta, masu sayen ganyen kaɗan ne, kuma su ke faɗin darajarsa. Laima ta kama shi a rumfa ya yi fumfuna, ko iskar hunturu ta busar da shi da gaggawa kafin ya yi rawaya ya ƙage a kore yana farfashewa, an kassara maka kuɗi. In kuwa da bashin taki ka fara, tun kafin a ɗora a sikeli an gama da kai.

Ƙasa ma tana biyan nata. Taba tana cin taki sosai, musamman fotash, kuma abin da ta ci yana cikin ganyen da kake kwashewa, babu abin kirki da ke komawa. Ka maimaita ta shekara biyu ko uku a jigawa, za ka ga gefen ganye yana ƙonewa kamar an bi shi da wuta. Ƙara kamfa ba ya warware matsalar gaba ɗaya, domin yawancin fotash ɗin da ke cikinsa mai gishiri ne, yana sa ganye ya riƙe laima ya ƙi cin wuta. Abin da ya fi wannan muni yana ƙarƙashin ƙasa. Bayan ɗibar ƙarshe ka tuge tushe goma daga wurare dabam-dabam, ka wanke saiwar ka duba. In ka ga ta yi ƙulli-ƙulli kamar carbi, ƙwaron saiwa ne wanda ido ba ya gani, kuma shi ke sa shuka ta yi yaushi da rana alhali ƙasa da danshi. Yana cin tumatir da tattasai da attaruhu da gauta da kuɓewa, wato duk abin da kake sa ran samu da rani a wannan fili. Cutar da ke sa ganye dabbare-dabbare ita ma hannunka ne ke ɗauke ta daga taba zuwa tumatir.

Saboda haka shawarata, kada ka ninka. Ka tuge duk karan da zarar ka gama ɗiba, ka kifa saiwar ta kalli rana, ka juya ƙasar. Filin bana ka ba shi gero ko dawa da takin gargajiya shekara biyu zuwa uku kafin taba ta sake ganinsa. In za ka yi ta baɗi, ka tsaya a tushen da kai da babban mutum guda za ku iya ɗiba bayan raɓa ta bushe, ba sai an taso yara da asuba ba. Ka kawo mini saiwoyin nan goma da lissafinka ranar kasuwa mu duba tare, kuma ƙanenka kada ya koma cikin taba bana.